Tsangwama a wurin aiki a Birtaniya: tambayoyi da amsoshi ga masu aikin kula da tsofaffi

Tun daga shekarar 2022, lokacin da Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya, 'yan Najeriya da Ghana da yawa suka shiga wannan aiki, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa. Tambayoyin nan su ne waɗanda ake ta maimaitawa idan aka haɗu a masallaci ko wajen suna. Amsoshin sun shafi Ingila da Wales da Scotland. Ireland ta Arewa tana da nata tsarin daban.

Kullum sai an kwaikwayi Turancina ana dariya. Wannan laifi ne a doka, ko wasa ne da ya kamata in jure?

Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne, dokar Birtaniya ba ta da wani babi na musamman da ya haramta tsangwama kawai don tsangwama ce. Shugaba mai tsawa da wulaƙanci ga kowa da kowa mugun shugaba ne, kuma ana iya kai ƙararsa a cikin kamfani, amma kotun ma'aikata ba ta sauraron ƙara a kan mugun hali shi kaɗai. Abin da doka ta kama shi ne cin zarafin da ke da alaƙa da wasu siffofi da dokar daidaito ta 2010, wato Equality Act 2010, ta lissafa. Biyu daga cikinsu su ne namu a nan: launin fata ko ƙasa ko asali, sai kuma addini.

Sashe na 26 na dokar ya ce cin zarafi shi ne halin da mutum bai so ba, wanda ke da alaƙa da ɗaya daga cikin siffofin nan, kuma ya zubar masa da mutunci ko ya mayar masa da wurin aiki wajen tsoro ko ƙasƙanci. Ba a ambaci karin harshe da suna ba. Amma yadda kike furta Turanci daga inda kika tashi ya fito, don haka kwaikwayonsa don a yi dariya yana shiga ƙarƙashin asali. Kuma ba dole sai an tabbatar cewa mai yin ya yi niyyar cutarwa ba. Kotu tana duba yadda abin ya taɓa ki, da yanayin da ya faru, da kuma ko mai hankali zai ga ya isa ya taɓa mutum haka. Saboda haka "ai wasa muke yi" ba ya wanke kowa.

Akwai iyaka. Idan shugabar sashe ta ce ki maimaita sunan magani a hankali don ba ta ji ba, wannan aiki ne, kuma daidai ne, tunda rai ake tsarewa. Idan kuwa ta maimaita maganarki da lanƙwasa murya a gaban mutane, wannan wani abu ne daban.

Sallah da hijabi fa? Suna iya hana ni?

Yi wa mutum ba'a a kan hijabi, ko azumi, ko kiransa da sunayen da ke danganta shi da ta'addanci, cin zarafi ne kai tsaye. Lokacin sallah kuwa ya ɗan bambanta. Doka ba ta tilasta wa kamfani ya ba da lokaci na musamman ko ɗakin sallah ba. Abin da ta ce shi ne, idan wata ƙa'ida ta fi takura wa mabiya wani addini, sai kamfani ya nuna dalili mai ƙarfi, ya kuma nuna cewa babu wata hanya mafi sauƙi. Duk wanda ya yi aiki fiye da awa 6 a yini yana da haƙƙin hutun minti 20, kuma abin da ya yi da hutunsa nasa ne. Idan ana barin wasu su fita shan taba amma ke an hana ki minti biyar na azahar, ki rubuta wannan, domin hujja ce. Ƙa'idar naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu yayin taɓa majinyaci kuwa ta tsabta ce, ana samun hanyar daidaitawa a kanta, kuma ba a nan zan so ki kafa rigimarki ba.

Manaja yana yawan ce mini, "Ka tuna mu muka kawo ka, waya ɗaya zan buga a soke bizarka." Wannan ma wariya ce?

Nan ne wurin da ya fi zafi, kuma nan ne doka ta fi rauni. A shekarar 2016 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci a kan wasu mata biyu 'yan Najeriya masu aikin gida, waɗanda iyayen gidansu suka azabtar da su, suka riƙe musu fasfo, suka hana su albashin da ya dace. Kotun ta amince an zalunce su ƙwarai. Amma ta ce an zalunce su ne saboda raunin matsayinsu na biza, kuma matsayin biza ba ɗaya yake da ƙasa ko asali ba, don haka ba wariyar launin fata ba ce a ƙarƙashin dokar. Ni a ganina wannan giɓi ne babba, domin da sandar biza ake dukan yawancin mutanenmu.

Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, kada ka gina ƙorafinka a kan barazanar biza ita kaɗai. Ka rubuta ta, domin barazana ce kuma ta saɓa wa ƙa'idar kowane kamfani na kirki, amma ka lura da kalmomin da ke biye da ita. Da wuya mai irin wannan magana ya tsaya a biza. Idan ya ƙara da "ku 'yan Afirka" ko "ka koma ƙasarku", to ya tsallaka zuwa inda doka ke kama shi.

Game da ita kanta barazanar, manaja ba shi da ikon soke biza. Ma'aikatar cikin gida ce ke yin haka. Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce, idan aikin ya ƙare, kamfani zai sanar da ma'aikatar cikin kwana 10 na aiki, ita kuma galibi takan rage izinin zamanka zuwa kwana 60, ko abin da ya rage a bizar idan bai kai haka ba. A cikin wannan lokaci sai ka samu wani kamfani mai lasisin ɗaukar nauyi ya ba ka sabuwar takardar ɗaukar nauyi, ka sake neman biza. An rufe ɗauko sabbin masu kula daga waje a watan Yuli na 2025, amma waɗanda ke cikin ƙasar suna iya sauya kamfani. Saboda haka duk wanda zai kai ƙara, ya fara neman wani aikin a gefe tun kafin ya miƙa takarda.

Idan an riƙe maka fasfo, ko ana bin ka wani bashin da ba ya ƙarewa, ko an hana ka fita, wannan ya wuce rigimar ofis. Alamun bautarwa ne, kuma akwai layin taimako na musamman a 08000 121 700.

To daga ina zan fara?

Daga littafi da biro, yau ɗin nan. Yawancin ƙorafe-ƙorafen da ke rushewa gaskiya ne, amma mai su ya zo da "kullum suna yi mini" ba tare da rana ko kalma ba. Mai bincike ba zai iya binciken "kullum" ba. Duk lokacin da abu ya faru, ki rubuta kwanan wata, da lokaci, da wurin, da wanda ya yi, da ainihin kalmomin da ya faɗa da Turancin da ya faɗe su, da waɗanda ke wurin. Ki rubuta a ranar, ki tura wa kanki ta imel ɗinki na kanki, ba na aiki ba, don kwanan watan ya zauna. Ki ɗauki hoton jadawalin aiki idan ana jibga miki dare ko ƙarshen mako fiye da kowa, ki kuma ajiye saƙonnin waya. Idan abin ya hana ki barci ko cin abinci, ki je wurin likitanki ki faɗa masa dalili, domin rubutunsa shaida ne.

Abu biyu ki kiyaye. Kada ki kwafi takardun tsofaffin da kike kulawa da su, ko ki ɗauki hotonsu, domin da wannan za a kore ki, kuma korar za ta tsaya. Naɗar murya a ɓoye ma takan juyo kan mai ita: wani lokaci kotu tana karɓa, amma kamfani yana iya ɗaukarta a matsayin laifi.

Sai na fara yi wa mutumin magana kafin in kai ƙara?

Ba dole ba ne. Idan abin ƙarami ne kuma kina jin za ki iya, magana ɗaya a natse takan kashe shi, musamman ga wanda bai san ya wuce gona da iri ba. Ki biyo ta da ɗan saƙo don ta bar sawu. Idan mai yin shi ne shugabanki, ko akwai barazana, ki wuce kai tsaye zuwa rubutu.

Yaya ake rubuta ƙorafin? A ba mu misali.

Ki fara neman takardar tsarin ƙorafi ta kamfaninku, tana cikin littafin ma'aikata ko an ambace ta a takardar ɗaukar aiki. Ita za ta faɗi wanda ake miƙa wa. Idan shi ne ake ƙara, sai ki kai wa na sama da shi ko ofishin kula da ma'aikata.

Mu ɗauki misali, mu kira ta Hadiza, tana aiki a wani gidan tsofaffi a Ingila, wata takwas da zuwanta. Ta tura imel, a kan layin take ta rubuta "Formal grievance". Kalmomin nan biyu suna da amfani, domin da su babu wanda zai ce daga baya ya ɗauka hira ce kawai. A ciki ta kawo abubuwa uku, kowanne da ranarsa. Ranar 14 ga Janairu, wajen miƙa aiki da ƙarfe 8 na safe, shugabar sashe ta kwaikwayi yadda ta furta sunan wani magani, ma'aikata biyu suna wurin. Ranar 6 ga Fabrairu ta nemi yin sallah a cikin hutunta, aka ce mata nan ba masallaci ba ne. Ranar 10 ga Maris, da ta ƙi karɓar ƙarin aikin dare na huɗu a jere, aka ce mata irinsu sun cika son jiki, kuma ta tuna wanda ya kawo ta.

Daga nan ta rubuta jimlar da ta fi kowace nauyi a takardar: cewa ta yi imani wannan cin zarafi ne da ya shafi asalinta da addininta, a ƙarƙashin Equality Act 2010. Ta faɗi yadda abin ya shafe ta a layi biyu, rashin barci da fargabar zuwa aiki. Ta rufe da abin da take so: a bincika, a daina, a raba ta da wannan shugaba a jadawali, a tabbatar mata a rubuce cewa tana iya sallah a hutunta. Duka bai wuce shafi ɗaya da rabi ba.

Hadiza ba ta kira kowa azzaluma ba, ba ta kuma haɗa da rigimar wurin ajiye mota ko tsegumin da ta ji daga bakin wasu ba. Zuciya takan so a zazzage komai, kuma ina fahimtar haka. Amma idan kika kawo abu ashirin, za a ɗauki guda uku mafi rauni a rushe su, a ce sauran ma haka suke.

Dalilin ambaton dokar kuwa shi ne sashe na 27. Da zarar kin yi zargin wariya da zuciya ɗaya, duk wani ramuwar gayya da ya biyo baya, ko rage awanni, ko ƙirƙiro laifi, ko kora, ya zama wani laifin na daban, ko da ƙorafin farko bai yi nasara ba. Wanda ya rubuta "ana takura mini" kawai, bai ambaci asali ko addini ba, zai sha wuyar samun wannan kariya.

Bayan na miƙa, me zai faru?

Hukumar sasanta rikicin ma'aikata, Acas, tana da ƙa'idar da kamfanoni ke bi. Za a kira ka zama ba tare da jan ƙafa ba, a saurare ka, a bincika, a ba ka hukunci a rubuce, a kuma ba ka damar ɗaukaka ƙara zuwa wani manaja da bai shiga maganar ba idan akwai shi. Kana da haƙƙin zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Idan wanda ka zaɓa ba zai samu zuwa ba, kana iya neman a ɗaga zaman har kwana 5 na aiki. Limami ko ɗan'uwa ko lauya ba sa cikin wannan haƙƙi, sai dai idan kamfani ya yarda. Idan kana jin Turanci zai ba ka wuya a cikin tashin hankali, ka nemi a ba ka tafinta, ka kuma nema a rubuce.

Kada ka sa hannu a kan rubutun zaman a take. Ka karɓa, ka karanta a gida, ka gyara inda aka juya maganarka. Idan hukunci bai yi maka ba, ka ɗaukaka a cikin kwanakin da takardar kamfani ta ba ka, sau da yawa kwana biyar ne na aiki. Kotu tana iya ƙara diyya har da kashi 25 cikin ɗari idan kamfani ya yi watsi da ƙa'idar Acas ba dalili, tana kuma iya rage maka har kashi 25 idan kai ne ka tsallake ta.

Alamar cewa ana wasa da kai ita ce idan wanda kake ƙara shi ne ke bincike, ko ba a tambayi shaidunka ba, ko makonni suna wucewa ana ce maka "muna dubawa", ko kuma a wayi gari an fara tono maka laifuffukan da ba a taɓa ambata ba.

Sun yi wata biyu suna jan maganar. In ci gaba da jira?

A'a, kuma wannan ce amsar da na fi so kowa ya riƙe. Wa'adin kai ƙarar wariya kotun ma'aikata wata uku ne ban da kwana ɗaya daga ranar da abin ya faru, kuma ƙorafin cikin gida ba ya tsayar da wannan ƙidaya. Mutane da yawa sun yi haƙuri suna jiran kamfani ya gama, sai suka tarar ƙofa ta rufe. A misalin Hadiza, abu na ƙarshe ya faru ranar 10 ga Maris, don haka dole ta sanar da Acas kafin 9 ga Yuni ta wuce. Idan kotu ta yarda cewa abubuwan uku zare ɗaya ne, za ta ƙirga daga na ƙarshe ta haɗa da na baya. Idan ba ta yarda ba, na 14 ga Janairu ya fita tun 13 ga Afrilu. Saboda haka wanda zai iya, ya ƙirga daga na farko. An zartar da wata doka a ƙarshen 2025 da za ta tsawaita wa'adin zuwa wata shida, amma ka yi lissafi da wata uku har sai Acas ta tabbatar maka cewa sabon wa'adin ya shafi ƙararka.

Sanar da Acas kyauta ne, ta shafinsu ko ta waya, kuma layin shawararsu shi ne 0300 123 1100. Daga ranar da ka sanar, ƙidayar tana tsayawa yayin da suke ƙoƙarin sasantawa. Idan ba a daidaita ba, za su ba ka takardar shaida mai lamba, kuma kana da aƙalla wata ɗaya bayanta ka cike fom ɗin ET1, wato fom ɗin shigar da ƙara a kotun ma'aikata. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Ba sai ka bar aiki ba, kuma ƙarar wariya ba ta buƙatar ka shekara biyu a wurin. Daga ranar farko kana da wannan haƙƙi.

Ba ni da shaida. Abokan aikina duk suna tsoron bizarsu.

Tsoronsu na gaske ne, kada ki riƙe su a zuciya. Ki ambaci sunansu a matsayin waɗanda ke wurin, ki bar mai bincike ya tambaye su. Wanda ya ba da shaida a kan wariya shi ma sashe na 27 yana kare shi, ki gaya musu haka. Sannan bayaninki shaida ne, kuma rubutun da aka yi a ranar yana da nauyi a gaban alƙali. Dokar ta ce idan kika kawo abubuwan da za su iya nuna wariya, nauyin kare kai yana komawa kan kamfani. Kamfanin ne ma ke ɗaukar alhakin abin da ma'aikacinsa ya yi, sai idan ya nuna ya ɗauki duk matakan da suka dace don hanawa. Kina kuma da haƙƙin neman duk bayanan da suka ajiye a kanki, har da imel ɗin da aka ambace ki, kuma bisa ƙa'ida wata ɗaya suke da shi su ba ki.

In ajiye aikin kawai in huta?

Kada ka ajiye kafin ka samu wani a hannu, sai idan lafiyarka ko ranka na cikin haɗari. Ajiye aiki yana kunna waɗancan kwana 60. Ka kuma duba takardar ɗaukar aikinka, domin wasu kamfanoni suna sa sharaɗin mayar da kuɗi idan mutum ya tafi da wuri. Ba kowane irin kuɗi doka ta yarda a ɗora maka ba, don haka ka kai takardar ofishin Citizens Advice ko wata cibiyar lauyoyi ta kyauta a duba maka kafin ka biya ko kwabo.

Nawa ake samu idan an ci nasara?

Ban da albashin da aka yi asara, kotu tana biyan diyyar ɓacin rai a matakai uku. Ga ƙararrakin da aka shigar daga Afrilun 2025, matakin ƙasa ya fara daga fam 1,200 zuwa 12,100, na tsakiya ya kai 36,400, na sama kuma 60,700, ana kuma sabunta adadin duk shekara. Matakin sama na cin zarafi ne mai tsanani da ya daɗe. Shari'a takan ɗauki shekara ko fiye, kuma da yawa a sasantawa suke ƙarewa. Idan za a sasanta, ka sa a rubuta takardar shaidar aiki mai kyau a cikin yarjejeniyar, domin ita sabon kamfani zai nema.

Ƙungiyar ƙwadago tana karɓar baƙo mai biza?

Tana karɓa, kuma doka ta hana a hukunta mutum don ya shiga. UNISON da GMB suna da masu aikin kula da yawa, ma'aikatan jinya kuma suna da RCN. Sai dai yawancinsu ba sa ɗaukar rigimar da ta fara kafin mutum ya yi rajista, ko kuma su taƙaita taimakon ga shawara. Wanda ya iso jiya kuma komai lafiya, yanzu ne lokacin shigarsa. Wanda rigima ta riga ta same shi, ya shiga duk da haka, ya faɗa musu gaskiyar ranar da abin ya fara, ya tambaye su ko za su tura masa wakili zuwa zaman ƙorafin.